Bitar Hawa-Hawan Sararin Samaniya: Yadda Zane Ɗaya Zai Riƙe Muku Darasin Gaba Ɗaya

Yawancin ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO a makarantun Kebbi da Zamfara suna haddace sunayen hawa biyar na iskar da ta kewaye duniya, wato tirofosfiya, sitiratosfiya, mesosfiya, tamosfiya da ekzosfiya, amma da zarar an tambaye su dalilin da ya sa aka ce hawa kaza ya ƙare a nan wani ya fara, sai amsa ta gagara. Babu katanga a sama, kuma iskar da ke can da wadda muke shaƙa kusan iri ɗaya ce har zuwa nisan kilomita 80 ko fiye: kashi 78 cikin ɗari naitirojin, kashi 21 oksijin, ragowar kuma agon da kabon dayoksaid da wasu 'yan kaɗan. Abin da masana suka duba suka yi rabon shi ne halin zafi, wato ko zafi yana raguwa ne ko yana ƙaruwa yayin da ake yin sama. Duk wurin da ya sauya hali, nan ne iyakar hawa. Saboda haka bitar da ta fi amfani ita ce ku iya zana layin zafin nan da hannunku, ku kuma san dalilin kowace lanƙwasa da ke jikinsa.

Mataki na farko: ku zana layin

Ku sami takarda mai gida-gida da fensir da rula. A gefen hagu ku ja layi a tsaye na nisa daga ƙasa, daga 0 zuwa kilomita 120, kowace santimita ɗaya ta tsaya a madadin kilomita 10. A ƙasa ku ja layi a kwance na zafi, daga −100°C a hagu zuwa +40°C a dama, kowace santimita ɗaya a madadin digiri 20. Daga nan sai ku sa ɗigo huɗu. Na farko a doron ƙasa, a kan 15°C, wanda shi ne matsakaicin zafin duniya baki ɗaya. Na biyu a kilomita 11, a kan −56°C. Na uku a kilomita 50, a kusa da 0°C. Na huɗu a kilomita 85, a kan −90°C. Ku haɗa su da layi, sa'an nan daga ɗigo na huɗu ku karkata layin zuwa dama har ya fita daga takardar.

Idan kun yi daidai, layin zai yi hagu, ya dawo dama, ya sake yin hagu, ya sake komawa dama. Kowane sashe hawa ɗaya ne, kuma kowace kusurwa iyaka ce mai sunanta: tirofofos a saman hawa na farko, sitiratofos a saman na biyu, mesofos a saman na uku. Tun da da Turanci za ku amsa jarrabawar, ku kwafo rubutun sunayen daga littafin karatunku ku sa a gefen zanen. Iyakar farko an gano ta ne a shekarar 1902, lokacin da wani masani Bafaranshe, Léon Teisserenc de Bort, ya bayyana cewa balan-balan ɗin da yake sakawa ɗauke da ma'aunin zafi suna nuna sanyi ya daina ƙaruwa a wajen kilomita 11.

Mataki na biyu: tirofosfiya, inda ya kamata ku fi daɗewa

Wannan shi ne hawan da muke zaune a cikinsa, kuma daga nan ne mafi yawan tambayoyi suke fitowa. Tambaya ta farko da ya kamata ku iya amsawa ita ce, me ya sa ake ƙara jin sanyi idan ana yin sama, alhali kuwa ana kusantar rana? Amsar ita ce hasken rana yana ratsa iska ne ba tare da ya ɗumama ta sosai ba, sai ya sauka a kan ƙasa da ruwa, su ne suke ɗaukar zafi, su kuma su ɗumama iskar da ke taɓa su. Wato daga ƙasa ake ɗumama wannan hawa. Iskar da ta yi zafi takan yi sauƙi ta tashi sama, a can kuma nauyin iskar da ke danne ta ya ragu, sai ta buɗe, buɗewar nan kuma ita ke sanyaya ta. A matsakaici, zafi yana raguwa da digiri 6.5 a kowace kilomita ɗaya.

Saboda iska mai zafi tana ƙasa mai sanyi tana sama, wannan hawa ba ya zama lafiya, kullum cikin juyawa yake, kuma kusan dukkan tururin ruwan da ke sararin samaniya a cikinsa yake, tare da kimanin kashi uku cikin huɗu na nauyin iskar duka. Shi ya sa duk abin da muke kira yanayi a nan yake faruwa. Iskar damina da ke tasowa daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma, wadda ke kawo wa manoman shinkafa na Argungu da Suru ruwa, a cikinsa take tafiya. Haka ma busasshiyar iskar hunturu ta arewa maso gabas, mai ɗauko ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, har ta rufe Gusau da hazo a watan Janairu. Ƙurar nan a 'yan kilomitocin ƙasa take shawagi.

Akwai hanyar da za ku ga iyakar wannan hawa da idonku. A farkon damina, wajen watan Yuni, idan hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, ku dubi babban girgijen tun yana nesa. Za ku ga ya yi ta tashi sama curi-curi, amma da ya kai wani matsayi sai kansa ya baje ya yi fale-fale ya bazu gefe. Ya kai kusa da tirofofos ke nan. Iskar da ke ɗauke da shi ta tarar da iskar da ta fi ta ɗumi a samanta, ba ta da ikon ci gaba da tashi, sai ta watsu.

A nan akwai wani tarko. Kilomita 11 da kuka sa a zane matsakaici ne, kuma ya fi dacewa da ƙasashen Turai. Kaurin tirofosfiya yana bin zafin ƙasa: a ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya kimanin kilomita 8 ne, amma a yankinmu mai zafi yana kaiwa kilomita 16 zuwa 18, kuma sanyin da ke samansa yana kusan −80°C. Abin da wannan yake nufi shi ne, saman tirofosfiya a kan Birnin Kebbi ya fi na kan Landan sanyi, domin iskarmu tana da doguwar tafiya tana sanyaya kafin ta kai iyaka. Idan an tambaye ku kaurin wannan hawa, ku rubuta cewa daga kilomita 8 zuwa 18 ne, ku kuma faɗi inda ya fi kauri. Wanda ya rubuta lamba ɗaya tak ya bar maki a baya.

Daga nan ne kuma za ku gyara wata magana da ke cikin littattafai da dama, cewa jiragen sama suna tafiya ne a cikin sitiratosfiya. Manyan jiragen fasinja suna tafiya tsakanin kilomita 10 zuwa 12. A saman arewacin Turai wannan yakan kai gindin sitiratosfiya, amma jirgin alhazai da ya tashi daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi ya nufi gabas, a cikin tirofosfiya yake tafiya, shi ya sa a damina matuƙi kan kewaye manyan gizagizan hadari maimakon ya bi ta samansu. A jarrabawa, amsar da ba ta da haɗari ita ce jirage suna bin saman tirofosfiya ko gindin sitiratosfiya.

Mataki na uku: ku yi lissafin da hannu

Ƙa'idar ita ce:

zafin sama = zafin ƙasa − (6.5 × nisa a kilomita)

Mu ɗauka da azahar ce a watan Afrilu, ma'auni ya nuna 40°C a Birnin Kebbi, ana kuma son sanin zafin iskar da ke wajen jirgin da ke kilomita 11 a saman garin. Ku fara da ninkawa: 6.5 sau 11 ya ba da 71.5. Sai ku cire: 40 − 71.5 = −31.5°C. Yawancin ɗalibai a nan suke tuntuɓe, domin sukan juya lissafin su cire 40 daga 71.5 su rubuta 31.5 ba tare da alamar ragi ba, wanda ke nufin a saman can akwai zafi irin na hantsi. Alamar da za ta nuna muku kun kauce ita ce amsarku ta kusa kai zafin ƙasa bayan doguwar tafiya sama.

Ku ƙara nisan zuwa kilomita 17, inda iyakarmu take: 6.5 sau 17 ya ba da 110.5, sai 40 − 110.5 = −70.5°C. Abin da ake aunawa a zahiri ya ɗan fi haka sanyi, kuma dalili shi ne 6.5 matsakaici ne, sa'an nan zafin azahar na kusa da ƙasa ya fi na sauran iskar da ke samansa nesa ba kusa ba. Duk da haka amsar ta faɗa kusa da gaskiya.

Yanzu ku gwada kilomita 30. Lissafi zai ba ku 40 − 195 = −155°C, amsar da ba ta da wurin zama a ko'ina cikin zanenku. Zafin da ke can yana wajen −45°C ne. Ƙa'idar 6.5 ta tirofosfiya ce kaɗai, da an wuce tirofofos ta daina aiki, saboda haka kafin ku fara ninkawa ku duba ko nisan da aka ba ku yana cikin hawa na farko.

Wani lokaci da mita ake ba da tambayar. Gusau tana kan tsayin kimanin mita 450 daga matakin teku, Jos kuma kimanin mita 1,200. Bambancin mita 750 ne, wato kilomita 0.75, kuma 6.5 sau 0.75 ya ba da kusan digiri 5. Idan Gusau tana 35°C, za a sa ran Jos tana wajen 30°C saboda tsayi kaɗai. Wanda ya manta bai mayar da mita zuwa kilomita ba zai sami dubban digiri.

Ko a cikin tirofosfiya ma ƙa'idar takan juya na ɗan lokaci. A daren hunturu da sama take wasai, ƙasa takan saki zafinta da sauri, sai iskar da ke manne da ita ta fi ta sama sanyi. Da asuba, idan kun duba fadamar Gulbin Kebbi, za ku ga hayaƙin murhu ya tashi kaɗan sa'an nan ya kwanta a miƙe a kan gari, ya kasa yin sama saboda iska mai ɗumi ta rufe shi. Wannan shi ne juyewar zafi, kuma da hantsi ya ɗaga ƙasa ta ɗumama yakan watse.

Mataki na huɗu: sitiratosfiya da dalilin dawowar layi dama

Daga tirofofos zuwa kilomita 50 zafi ƙaruwa yake yi, kuma dalili ɗaya ne: iskar ozon, O₃, wadda ta fi taruwa tsakanin kilomita 15 zuwa 35. Ozon yana tsotse mafi yawan wani nau'in hasken rana da ido ba ya gani, mai ƙona fata da lalata ido da jawo ciwon dajin fata, yana kuma mayar da shi zafi. Don haka wannan hawa daga sama ake ɗumama shi, saɓanin na farko. Mai lura zai tambaya, idan ozon ya fi yawa a wajen kilomita 25, me ya sa zafi ya fi yawa a kilomita 50? Dalili shi ne hasken daga sama yake saukowa, ɗan ozon da ke can sama shi yake fara cin karo da shi da cikakken ƙarfinsa, iskar wurin kuma ba ta da kauri, saboda haka ƙaramin zafi yakan ɗaga ta sosai.

Tun da iska mai ɗumi ce a sama mai sanyi a ƙasa, babu juyawa irin ta hawa na farko, kuma tururin ruwa kaɗan ne ƙwarai, don haka babu ruwan sama. Sakamakon haka, abin da ya shiga nan yakan daɗe. Ƙurar hunturu ruwan farko yake wanke ta, amma da dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta a 1991, hayaƙin da ya harba cikin sitiratosfiya ya yi fiye da shekara yana kewaya duniya, har matsakaicin zafin duniya ya ragu da kimanin rabin digiri.

Ku riƙe shekaru biyu game da ozon. A 1985 masana na Birtaniya suka ba da rahoton cewa ozon ya ragu ƙwarai a saman nahiyar Antatika, abin da ake kira ramin ozon, ko da yake ragi ne, ba huda ba. Musabbabinsa sinadaran CFC ne da ake amfani da su a da cikin firji da na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanayen feshi. A 1987 aka sa hannu a Yarjejeniyar Montreal don daina yin su. Kada ku haɗa wannan da ɗumamar yanayi, wadda take faruwa a tirofosfiya saboda taruwar kabon dayoksaid da makamantansa. Masu gyaran takarda suna yawan cin karo da wannan ruɗani.

Mataki na biyar: mesosfiya

Daga kilomita 50 zuwa 85 ozon ya yi ƙaranci, babu abin da ke tsotse zafi sosai, sai layi ya sake yin hagu har ya kai wajen −90°C a mesofos, wuri mafi sanyi a sararin samaniya duka. Abin da ake yawan tambaya a nan shi ne ƙonewar duwatsun da ke shigowa daga wajen duniya. Hasken nan da kuke gani ya gifta da dare a ce tauraro ya faɗi, galibi ɗan tsakuwa ne da ya shigo da gudun kilomita masu yawa a daƙiƙa ɗaya, ya matse iskar da ke gabansa har ta yi zafin da ya ƙone shi. Gudunsa ne ya kawo wutar, sanyin wurin bai hana ba. Wanda ya yi girma yakan tsira ya iso ƙasa, kamar dutsen nan mai nauyin kimanin kilo 18 da ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, maƙwabciyar Zamfara, a watan Oktoban 1962, wanda daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mas ya fito.

Mataki na shida: tamosfiya da abin da ke bayanta

Daga kilomita 85 zuwa wajen 600 layi ya koma dama, kuma zafi yakan wuce 1,000°C, ya danganta da ƙarfin rana a lokacin, domin 'yan ƙwayoyin oksijin da naitirojin da ke can su ne suke fara karɓar mafi ƙarfin hasken rana. Tambayar da ke raba ɗalibin da ya fahimta da wanda ya haddace ita ce, me ya sa tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kewaya duniya a wajen kilomita 400, ba ta narkewa? Ma'aunin zafi yana nuna saurin motsin kowace ƙwayar iska ne, amma ƙona abu yana bukatar ƙwayoyin su yi yawa. Tartsatsin da ke tashi a rumfar mai walda ya fi tafasasshen ruwa zafi sau da yawa, amma idan ɗaya ya taɓa hannu da ƙyar ake ji, alhali kofin ruwan zafi yana sale fata. Ƙwayoyin iskar tamosfiya suna da zafi, amma sun yi ƙaranci ƙwarai har ba su da abin da za su ba jiki.

A cikin wannan yanki ne hasken rana yake sa wa ƙwayoyin iska cajin lantarki, aka sami abin da ake kira ayonosfiya, wadda ta fara tun daga saman mesosfiya. Ita ce take maido da igiyoyin rediyo na gajeren zango zuwa ƙasa, shi ya sa dattijo a Zuru ko Talatar Mafara yake kama tashar da ke wata nahiya da ƙaramar rediyonsa. Da dare kuma sashenta na ƙasa, wanda ke shanye igiyoyin matsakaicin zango da rana, yakan dushe, sai tashoshi masu nisa su fito sarai. Igiyoyin FM ratsa ta suke yi su wuce, don haka ba sa zuwa nesa. Ku lura cewa ba a lissafa ayonosfiya cikin hawa biyar ɗin, saboda da cajin lantarki aka san ta, ba da halin zafi ba. Haka nan ozon sashe ne a cikin sitiratosfiya. Wanda ya jera su a matsayin hawa na shida da na bakwai ya ɓata jerinsa.

Ekzosfiya ba ta bukatar dogon bayani. Daga wajen kilomita 600 take farawa, iskarta mafi yawa haidirojin ce da hiliyam, tana ta raguwa har ta ɓace a wajen kilomita 10,000. Tauraron ɗan adam na NigeriaSat-2, da aka harba a 2011, a wajen kilomita 700 aka ɗora shi. Littattafai sun saɓa a kan inda take farawa, wasu 500 wasu 700, saboda haka ku sa kalmar "kimanin" a gaban lambarku.

Mataki na bakwai: ku rufe littafi ku gwada kanku

Ku ɗauki farar takarda ku sake zana layin ba tare da dubawa ba, sa'an nan a gefen kowane sashe ku rubuta abin da ke ɗumama shi: ƙasa a na farko, ozon a na biyu, babu a na uku, hasken rana mai ƙarfi a na huɗu. Bayan haka ku ƙara layi na biyu da jan biro, na nauyin iska, domin nan ne kuskure na ƙarshe yake ɓuya. Zafi yana kai da komo, amma nauyin iska raguwa kawai yake yi daga ƙasa har sama: a ma'auninsa da ake kira miliba, 1,013 ne a matakin teku, ya koma kusan rabi a kilomita 5.5, ya koma wajen miliba 1 a kilomita 50. Idan aka ba ku zane a jarrabawa ba a rubuta abin da yake nunawa ba, ku duba siffarsa: mai lanƙwasa uku na zafi ne, mai gangarawa gefe guda kuma na nauyin iska ne. Idan kuma a zanenku na zafi kun ga ɗigon kilomita 50 ya faɗa hagu da na kilomita 85, kun musanya sitiratosfiya da mesosfiya, sai ku goge ku sake daga ɗigo na biyu.